Burodi Nawa Za a Sayar Kafin a Daina Cin Uwar Kuɗi? Nazarin Lissafin Wani Ƙaramin Gidan Burodi

Gidan burodin da za mu bi lissafinsa misali ne da na tsara, kuma alƙalumansa ba sa ɗauke da sunan kuɗin kowace ƙasa. Na zaɓe su ne don rabawa da ninkawa su zo da sauƙi. Mai shi mace ce, tana da tanda ɗaya, injin kwaɓi ɗaya da ma'aikata uku masu albashin wata. Ana aiki kwana 25 a wata, yawanci a kwaɓa buhun fulawa ɗaya mai kilo 50 a rana, a gasa burodi iri ɗaya. Ciniki na tafiya, kusan burodi 150 ke fita kullum. Amma duk ƙarshen wata sai ta tarar babu abin da ya saura a hannu, ga bashin dillalin fulawa kullum gaba yake yi.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne ta yi lissafi tun kafin ta buɗe, kuma lissafin ya ce riba take ci. Kowane burodi tana sayar da shi 100, kayan haɗinsa na cin 60, saura 40. Haya 30,000, albashi 54,000, jimla 84,000 a wata. Ta raba 84,000 da 40, ta samu burodi 2,100 a wata, wato 84 a rana. Ita kuwa 150 take sayarwa, kusan ninki biyu. Bisa wannan lissafin ya kamata a ce duk wata tana ajiye 66,000.

Hanyar da ta bi daidai ce. Matakin ba riba ba asara shi ne yawan kayan da in an sayar, kuɗin da ya shigo zai yi kunnen doki da duk abin da aka kashe. Don a gano shi, ana raba kashe-kashe gida biyu. Akwai tsayayyen kuɗi, wanda za a biya ko an gasa burodi dubu ko ba a kunna tanda ba sam, kamar haya. Akwai kuma kuɗin da ke bin kaya, wanda ke ƙaruwa da kowane burodi, kamar fulawa da leda. In aka cire na biyun daga farashin burodi, abin da ya rage shi ne rarar kowane burodi. Wannan rarar ba riba ba ce tukuna: ita ake tarawa ɗaya bayan ɗaya har ta biya tsayayyen kuɗin wata, sai abin da ya biyo bayan nan ne ake kira riba. Saboda haka ake raba tsayayyen kuɗi da rarar burodi ɗaya. Matsalar wannan baiwar Allah ba ta cikin rabawar. Tana cikin lambobi ukun da ta saka, 84,000 da 60 da 100, domin babu ɗaya a cikinsu da ya dace da abin da ke faruwa a gidan.

Tsayayyen kuɗin da ba ya zuwa da rasit

Haya da albashi ba a manta su, tunda akwai mai zuwa ya karɓa. Waɗanda ake mantawa su ne marasa mai tambaya. Na farkonsu tsufan kayan aiki. Ta sayi tanda da injin kwaɓi a kan 720,000, kuma ana sa ran za su yi shekara biyar, wata 60 ke nan, kafin a nemi sababbi. In aka raba, kowane wata yana cin 12,000 daga darajarsu. Ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a ba shi wannan kuɗin, amma ranar da tandar ta mutu za a biya shi gaba ɗaya. Sai ƙananan abubuwa, lasisi da gyare-gyare da ruwan bashin da ta ci ta sayi injinan, waɗanda in an baje su a kan watannin shekara suna kama 6,000 a wata.

Makamashi shi ya fi ban sha'awa, domin rabinsa tsayayye ne, rabinsa mai bin kaya. Ita ta auna abin da tanda ke ci lokacin da burodi ke ciki, ta sa 800 a kan kowane buhu, ta tsaya nan. Amma tanda sai an ɗumama ta kafin gwangwani na farko ya shiga, ko buhu ɗaya za a gasa ko biyu, ga firji da fitilu da ba ruwansu da yawan burodi. Akwai hanya mai sauƙi ta raba irin wannan kuɗi. A ɗauki watan da aka fi aiki da watan da aka fi ƙarancinsa. A littafinta, watan da aka kwaɓa buhu 30 makamashi ya ci 42,000, watan buhu 20 kuma ya ci 34,000. Bambancin buhu 10 ya kawo bambancin 8,000, wato 800 a kowane buhu, daidai da awonta. To amma buhu 20 sau 800 ai 16,000 ne kawai, alhali an biya 34,000. Ragowar 18,000 ɗin ita ce tsayayyen ɓangaren da ba ta taɓa sa shi a lissafi ba. Hanyar ba ta da zurfi, wata biyu kacal take kallo, kuma in farashin makamashi ya canza tsakanin watannin za ta yi ƙarya. Amma ga ƙaramin gida irin wannan ta wadatar.

In aka haɗa 12,000 da 6,000 da 18,000 a kan 84,000, tsayayyen kuɗin wata ya zama 120,000. Da rarar 40, matakin ya tashi daga burodi 84 zuwa 120 a rana. Har yanzu tana sama da shi. Da a ce nan kuskuren ya tsaya, da riba ta ragu ne kawai.

Sittin ɗin da ba sittin ba ne

Yadda ta samo 60 babu laifi a cikinsa, har ma ya fi na mutane da yawa tsari. Ba ta yi ƙiyasi a kan burodi ɗaya ba, ta yi a kan kwaɓi guda. Fulawa kilo 50, ruwa lita 30, sukari kilo 4, bota kilo 2, gishiri kilo 1, yis rabin kilo: kwaɓin ya kai kilo 87 da rabi. Ana yanka shi rabin kilo rabin kilo a kan sikeli, ya ba da burodi 175. Kuɗin buhun fulawa 7,000, sauran kayan haɗi da leda da makamashin gashi 3,500, jimla 10,500. In aka raba da 175, ga 60 cif.

Sai dai 175 adadin da ke shiga tanda ne. Wanda ke komawa kuɗi 150 ne. Kullum akwai kamar biyar da ke lalacewa tun a gida: na layin baya da wuta ta fi ci, wanda ya manne a gwangwani ya yage wajen cirewa, wanda bai tashi ba. Sannan akwai kamar 20 da ke yin kwantai, yawancinsu waɗanda 'yan sari ke dawowa da su bayan kwana biyu, sun bushe, ledar ta yi gumi daga ciki, ba mai saye. Fulawar waɗannan 25 an biya ta, sukarinsu an biya, wutarsu an biya. Wa zai ɗauki nauyinsu? Guda 150 ɗin da aka sayar. Don haka 10,500 da 150 ya kamata a raba ta, kuma amsar 70 ce.

Wani zai ce ai kwantai ba kuɗin da ke bin kaya ba ne, asara ce ta daban. A ganina, muddin yana tafiya da yawan abin da ake gasawa, wato kusan ɗaya cikin bakwai na kowane kwaɓi, wurinsa cikin kuɗin kowane burodin da aka sayar. In aka ware shi gefe a matsayin tsautsayi, sai a manta cewa duk ƙarin buhu yana zuwa da nasa kwantan.

Farashin ma haka. Ɗari shi ne abin da ke rubuce a kantar gidan, inda ake saye ɗai-ɗai. Amma cikin 150 ɗin, guda 60 ne kawai ake saye a kanta. Sauran 90 'yan sari ke ɗauka a kan 85. Cinikin rana ke nan 6,000 da 7,650, jimla 13,650, wanda in aka raba da 150 ya ba da 91. Wannan ne farashinta na gaskiya, kuma ba ya buƙatar wani dogon bincike: kuɗin da ya shiga akwati a raba da burodin da ya fita.

Yanzu a cire 70 daga 91. Rarar da ta ɗauka 40 ce ashe 21 ce. A nan ne mutum zai ga abin da ya sa wannan lissafi ke da haɗari. Farashi ya sauka da tara kawai cikin ɗari, kuɗin kaya ya hau da goma, kowannensu kamar ba wani abu ba. Amma rara ita ce ɗan abin da ke tsakaninsu, an matse ta daga sama da ƙasa, ta kusa rabewa biyu. Ita kuma ake raba tsayayyen kuɗi da ita, to in ta rabe biyu matakin ya ninka. A raba 120,000 da 21, a samu burodi 5,715 a wata, wato 229 a rana. (Kullum sama ake cike ragowar rabawa, don ba a sayar da rabin burodi, kuma in aka yi ƙasa ba a kai matakin ba.)

Tana sayar da 150, tana buƙatar 229. A wata burodi 3,750 ne ke fita, rararsu 78,750, tsayayyen kuɗi 120,000. Asarar 41,250 take yi duk wata, a inda ta zaci ribar 66,000. Tazarar 107,250 da ke tsakani ta rabu kusan daidai gida uku: 36,000 tsayayyen kuɗin da aka manta, 37,500 kwantai da lalacewa, 33,750 rangwamen sari.

Me ya hana ta ganin asara mai girma haka? Dubu goma sha biyu na tsufan injina ne, ba sa fita daga akwati. Sauran 29,250 kuwa sun ɓuya a wurin dillalin fulawa. Yana ba ta kaya bashi, tana biya kaɗan-kaɗan, kuma duk wata wannan asarar kaɗai na ƙara ragowar bashin da kimanin kuɗin buhu huɗu. Ita tana ɗaukar abin a matsayin jinkirin biya. Gidan da cinikinsa bai ragu ba amma bashin masu kawo masa kaya na hawa wata bayan wata, yawanci yana ƙasa da matakinsa ne, masu kayan ke cike masa giɓin ba tare da sun sani ba.

A ƙara gashi?

Tunaninta na farko da ta ga 229 shi ne a ƙara kwaɓi. Tandar na iya ɗaukar buhu biyu a yini, burodi 350, to ai akwai wuri. Amma 229 ɗin nan ya ginu ne a kan cewa ƙarin burodin zai rabu yadda na yanzu ya rabu, biyu cikin biyar a kanta, uku a sari. Masu zuwa kanta ba za su ƙaru don an ƙara fulawa ba. Duk ƙarin zai tafi wurin 'yan sari ne, a kan 85, kuma rarar burodin sari 15 ce kacal. Don a cike giɓin 41,250 da sha biyar sha biyar, sai an ƙara burodi 110 a rana. Matakin ya koma 260.

Bai tsaya nan ba. Ma'aikata uku na iya buhu ɗaya da ɗan ƙari, amma ba za su iya kusan biyu ba. Sai an ɗauki na huɗu a kan 18,000. Wannan shi ne iyakar kalmar tsayayye: kuɗin a tsaye yake muddin aiki bai wuce wani adadi ba, da ya wuce sai ya yi tsalle ya sake tsayawa a sama. Albashin na huɗun kaɗai na buƙatar ƙarin burodin sari 48 a rana, jimla ke nan 308. Kuma don a sayar da 308, da kwantai irin na yanzu, sai an gasa kusan 360. Tandar 350 take ɗauka. Wato ta wannan hanyar ko an cika tanda maƙil kullum ba za a kai matakin ba. Duk wanda ya fitar da matakinsa, ya kamata nan take ya ajiye shi kusa da abu biyu, abin da tanda ke iya gasawa da abin da kasuwa ke iya ɗauka. Lambar da ta fi ƙarfin ɗayansu tana nuna ba a yawan ciniki gyaran yake ba.

Gyaran rara

Sai aka koma kan 21 ɗin. Kwantai aka fara taɓawa, don shi ne ba ya buƙatar yardar mai saye. Aka riƙa rubuta abin da kowane ɗan sari ya ɗauka da abin da ya dawo da shi, aka ga mutum biyu ne ke dawo da mafi yawa, suna ɗaukar fiye da ƙarfinsu tunda ba su ke asara ba. Aka rage musu, aka ƙayyade abin da za a karɓa in an dawo da shi. A tanda kuma aka fara juya gwangwanayen baya zuwa gaba a tsakiyar gashi. Aka daina kwaɓa cikakken buhu don kawai an saba, ana kwaɓa daidai da odar gobe. Ɓarna ta sauko daga 25 zuwa 10 a kowane 175, kuɗin burodin da aka sayar ya dawo kusan 64. Rara ta zama 27, matakin ya sauko 178 a rana. An matso, ba a iso ba.

Ƙarin farashi shi ne abin da ta fi tsoro, kuma tsoron na da dalili. Amma lissafin na iya faɗa mata iyakar abin da za ta iya jurewa. In aka ƙara 10 a kanta da sari duka, matsakaicin farashi ya zama 101, rara 37. A da burodi 150 a kan 27 na tara 4,050 a rana. A kan 37, burodi 110 sun isa su tara hakan. Ke nan sai ciniki ya faɗi da burodi 40 a rana, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kafin ƙarin ya zama asara gare ta. Inda rara ta yi siriri, ƙaramin ƙarin farashi na da nauyi sosai, domin duk goman nan rara take shiga, ba fulawar da za ta ci daga ciki. Abin da lissafin ba zai iya faɗa ba shi ne mutum nawa za su gudu. Wannan sai an gwada.

Mu ɗauka an gwada, ciniki ya sauka zuwa 140 a rana, rabon kanta da sari bai canza ba. Matakin yanzu 120,000 a raba da 37, wato 3,244 a wata, 130 a rana. Tana sayar da 3,500. Ribar wata 9,500. Tana gasa ƙasa da abin da take gasawa a da, tana sayar da ƙasa da da, amma ta fita daga asarar 41,250.

Kada a yi saurin murna da wannan ribar. Tazarar da ke tsakanin cinikinta da matakin burodi goma ne a rana, kusan kashi 7 cikin 100. In buhun fulawa ya hau da kashi 10 cikin 100, ƙarin 700 ke nan, kusan 4 a kan kowane burodin da aka sayar. Rara ta dawo 33, matakin ya koma 146, ita kuma tana 140: asarar 4,500. Fulawa ita ce kashi biyu cikin uku na kuɗin kwaɓinta, saboda haka duk ranar da farashin buhu ya motsa, ranar ya kamata a sake rabawar, ba sai ƙarshen shekara ba.

Akwai kuma tambayoyi biyu da 130 ɗin bai amsa ba. Ta farko ita ce ladan ita mai gidan. Tun asuba take wurin, ita ce a kan sikeli, ita ce a kan littafi, amma ba ta cikin masu albashi. Da wani za a ɗauka ya yi aikinta, sai an biya shi kamar 30,000. In aka sa wannan, tsayayyen kuɗi ya zama 150,000, matakin 163 a rana. Tsakanin 130 da 163 gidan ba ya cin uwar kuɗi, amma ita tana aiki a ƙasa da ladanta. Ni ina ganin gara a riƙe lambobin biyu a rubuce, don kowace da tambayar da take amsawa: ɗaya ko gidan zai rayu, ɗaya ko ya cancanci wahalar.

Ta biyu ita ce tsabar kuɗi. Bashin injinan ana biyan uwarsa 20,000 a wata. Biyan uwar bashi ba ya cikin kashe-kashen da ake cirewa kafin riba, ruwansa ne kawai ke ciki, amma daga akwati yake fita. Tsufan injina kuwa akasin haka ne, yana cikin kashe-kashe amma ba ya fita. Don sanin ko kuɗin hannu zai kai ƙarshen wata, sai a cire 12,000 daga 120,000, a ƙara 20,000, a samu 128,000. A raba da 37, burodi 139 ke nan a rana. Tana sayar da 140. Littafi zai nuna ribar 9,500, amma abin da zai rage a akwati 1,500 ne, kuma ba a fara rage tsohon bashin fulawa ba. Har sai bashin injinan ya ƙare, 139 ce lambar da za ta riƙa gwada cinikin kowace rana da ita, kuma duk burodin da ta samu ta karkatar daga sari zuwa kanta yana ƙara mata 15 ba tare da ƙarin fulawa ko cokali ɗaya ba.